Aikin gida na lissafi, aji uku: kusurwa da tsayi a jikin zane

Suna da aji a saman takarda. A kwafi kowane zane a littafi da fensir da rula kafin a fara lissafi, kuma don Allah kar wanda ya ɗora ma'aunin kusurwa a kan zanena, ba a kan ma'auni na zana su ba, haka ma za ku tarar da wasu a BECE. Lambar da aka rubuta da alamar da aka sa su ne abin bi, ko da ido ya ce muku wani abu daban.

Tambaya ta 1

```
      A
     / \
    /60°\
   /     \  125°
  B-------C-------D
```

BCD miƙaƙƙen layi ne. Nemo kusurwar B.

Wannan bari in yi muku rabinta saboda a gwajin da ya wuce kusan kowa nan ya zame. 125° ɗin nan a WAJE take, tsakanin CA da CD, ba a cikin alwatikar ba. Kusurwoyin kan miƙaƙƙen layi 180° suke haɗuwa su ba da, to ta cikin C kenan 180° − 125° = 55°. Sauran ku ƙarasa, kun dai san na cikin alwatika su ukun ma 180° ne. Wanda ya haɗa 60 da 125 kai tsaye zai samu 185, tun daga nan ya kamata jikinsa ya ba shi.

Tambaya ta 2

Zana alwatika PQR, P a sama. Sa ɗan gajeren layi guda a kan PQ, guda a kan PR, ka rubuta 40° a cikin kusurwar P. Nemo kusurwar Q.

Sai ka sake zana wata, 40° tana nan a P, amma yanzu alamun a kan QP da QR suke. Nemo Q kuma. Amsar ba ɗaya ba ce fa! Waɗannan ƴan layukan ba ado ba ne, suna nufin gefunan biyu tsayinsu ɗaya, kuma kusurwoyin da ke fuskantar gefunan su ne daidai da juna, don haka ka ɗora yatsa a kan gefen ka tsallaka ka ga wace kusurwa yake kallo kafin ka raba komai biyu.

Tambaya ta 3

```
  T
  |\
  | \ 6.5 m
 h|  \
  |_  \
  |_|__\
  K     S
   250 cm
```

Magini ya jingina tsani TS a bango. Ɗan akwatin da ke K yana nufin 90°, ko ba a rubuta ba. Nemo h da ƙa'idar Pitagoras. Abu biyu za a duba: 6.5 a kan wane gefe take zaune, na biyu kuma ɗaya mita ne ɗaya santimita, santimita 100 ne mita 1.

Tambaya ta 4

```
  A-----B-----------C
  <------14 cm------>
        <---9 cm---->
```

Nemo AB. Bi kibiya ka ga inda ta fara da inda ta tsaya.

Tambaya ta 5

Zana da'ira da ɗigo O a tsakiya, ja layi daga baki zuwa baki ya ratsa ta kan O, rubuta 14 cm a kan layin gaba ɗaya. Nemo kewayen da'irar da faɗin filinta, π = 22/7. Ita r daga O zuwa baki ce kawai, ban ƙara cewa komai.

Tambaya ta 6

Zana alwatika XYZ, gindi YZ 12 cm, XY da XZ kowanne 10 cm, sai layin ɗigo-ɗigo daga X ya sauko kan YZ da ɗan akwati a ƙasansa, an rubuta 8 cm a gefensa. Nemo faɗin filin da kuma kewaye. Lambobi sun yi yawa da gangan, akwai wadda ba ta shiga lissafin fili akwai kuma wadda ba ta shiga kewaye, ku ne za ku tantance.

Amsoshi, don yayye da iyayen da za su duba: ta 1 65°, ta 2 70° da 100°, ta 3 6 m, ta 4 5 cm, ta 5 44 cm da 154 cm², ta 6 48 cm² da 32 cm. Amsa tsirara ba aiki ba zan ba ta maki ba, haka wanda ya manta ° ko cm zai rasa rabin maki. A kawo ranar Litinin kafin a shiga asambili, monita zai karɓa.