Amsar Hoton Ledar Biskit, Zuwa Ga Yaya Hadiza

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun wuni lafiya, ya yara da mutanen gida.

Na ga hoton ledar biskit ɗin da kika sayo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na buɗa shi na karanta layi bayan layi. Kin tambaya ko yara za su iya cin biskit ɗin. Amsar ita ce kada a ba Sadiƙu. Sauran yaran za su iya ci, amma shi a'a, kuma lambobin E na jikin ledar da suka tayar miki da hankali ba su ne dalili ba.

Ki duba can ƙasa, kusa da inda babban yatsanki ya riƙe ledar, akwai wani siririn rubutu da ya ce "May contain traces of peanuts". Ma'anarsa ita ce ba a zuba gyaɗa a cikin kwaɓin da gangan ba, amma masana'antar tana sarrafa wasu kayan masu gyaɗa, don haka ɓurɓushinta na iya shiga ta injin da aka yi amfani da shi. Ga wanda jikinsa yake karɓar gyaɗa wannan ba komai ba ne, amma yaron da ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli ya kumbura masa leɓe ya fesa masa borin jini, ɓurɓushi kaɗan ya isa, kuma babu mai tabbatar miki cewa karo na gaba zai tsaya a fata. Duk ledar da kika ga "peanut", "groundnut" ko "arachis oil" a jikinta, gyaɗa ake nufi ko man gyaɗa, sai ki mayar wa mai shago.

Jerin da ke ƙarƙashin "Ingredients" ana rubuta shi ne daga abin da ya fi yawa a nauyi zuwa mafi ƙaranci. Na farko "wheat flour", wato fulawar alkama, sai "sugar", sai "palm oil" wanda manja ne da aka tace. Tunda sukari ne na biyu, biskit ɗin abin marmari ne, bai kamata ya zama karin kumallon kullum ba. Bayansu akwai "whey powder", wanda ake samu daga madarar shanu, da "soya lecithin (E322)" daga waken suya, mai haɗa mai da ruwa kada su rabu. Alkama da madara da waken suya duk suna cikin abincin da jikin wasu ba ya karɓa, amma tunda Sadiƙu yana shan nono yana cin awara lafiya lau, ba su dame ni ba.

Harafin E da lamba ba alamar guba ba ce, suna ne da ake ba sinadaran da ake ƙarawa a abinci. E500 da E503 su ne masu sa kwaɓi ya tashi. Wanda na fi so ki riƙe shi ne E223, "sodium metabisulphite", domin yana iya tayar da ciwon wasu masu asma, kuma kin san yadda Baba yake fama da numfashi, musamman da hunturu, don haka shi ma gara ya haƙura. E102 kuwa, "tartrazine", rini ne mai ruwan ɗorawa. An halatta amfani da shi, sai dai tun 2010 ƙasashen Tarayyar Turai suke wajabta rubuta gargaɗi cewa yana iya shafar natsuwar yara. A ganina kala ba ta ƙara wa yaro komai, idan kin samu marar ita ki zaɓe shi.

Lambar rajistar NAFDAC ta fito sarai a hoton, amma ki sani rajista ba ta nufin abin ya dace da jikin kowa. Ranar lalacewa ce ban iya karantawa ba, saboda ledar ta naɗe a wurin kuma hasken waya ya haske ta. Ki miƙar da ita, ki ɗauka a inuwa ba tare da fitila ba, ki tabbatar wurin da aka rubuta "Best Before" ya fito, ki sake turo mini.

Idan har Sadiƙu ya ci a hannun 'yan'uwansa, ki sa masa ido sosai. Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi mai fito, amai ko jiri, ko ɗaya kika gani kada ki tsaya jiƙa magani ko jiran gari ya waye. A ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa, ki tafi da ledar, ki faɗa musu gyaɗa ce, domin allurar adirenalin ce maganin farko a irin wannan hali. Ki kuma sanar da malamin makarantar allonsu da mai shagon unguwa.

Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki gaida Baba.

Ƙanwarki,
Maryam