Jadawalin Rabon Nauyi: Sabunta Rufin Ajujuwa Biyu na Islamiyyar Unguwarmu

Daga sakataren kwamitin gyara, zuwa ga Mai girma Mai unguwa da dukkan 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum. Ga rabon aikin kamar yadda muka amince a zaman da ya gabata. Za a fara ranar 7 ga Afrilu, a gama kafin 15 ga Mayu, domin ruwan farko a Kano ba ya cika wuce watan Mayu zuwa farkon Yuni, kuma iskar da ke gabansa ce ta yaye mana kwano bara. Kasafin da muka tsayar Naira 2,800,000 ne.

Alamomin da ke cikin jadawalin huɗu ne. A na nufin mai yin aikin da hannunsa. W shi ne wanda abin yake wuyansa, shi za a tambaya in an samu matsala, shi kuma zai ce an gama. T wanda za a tuntuɓa a ji shawararsa kafin a yi. S wanda za a sanar bayan an yi. Inda aka ja layi, babu ruwan mutum da wannan aikin.

| Aiki | Shugaban kwamiti | Sakatare | Ma'aji | Hedimasta | Kafinta | Mai unguwa | Wakiliyar iyaye |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 1. Auna rufi da lissafin kaya | W | S | T | T | A | – | – |
| 2. Tara gudummawa | W | A | A | S | – | T | A |
| 3. Amincewa da farashi | A, W | S | T | S | T | T | T |
| 4. Sayen kwano, katako da ƙusa | S | A | W | – | A | – | S |
| 5. Ajiyar kaya da riƙon makulli | S | W | S | A | S | – | – |
| 6. Sauya wa ɗalibai wurin karatu | S | S | – | A, W | T | T | T |
| 7. Cire tsohon rufi da ɗora sabo | T | W | S | S | A | S | – |
| 8. Duba aiki da karɓarsa | W | A | S | A | T | T | S |
| 9. Biyan kafinta | W | S | A | – | S | – | – |
| 10. Karanta lissafi ga jama'a | T | A | A, W | S | – | S | S |

Kowane layi W ɗaya gare shi, kuma da gangan muka yi hakan. In mutum biyu suka ɗauki alhakin abu ɗaya, kowa sai ya zaci ɗan'uwansa ya yi, ranar tambaya kuma a rasa wanda za a kama.

Layi na 4 ne ya fi cin lokaci a zamanmu, don haka bari in fayyace shi. Ni da kafinta za mu je kasuwa, kwano a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Kafinta zai zaɓi kaya, domin shi ya san kaurin kwano da katakon da ya bushe. Alhaji Ma'aji ba sai ya bi mu ba, amma ba za a fitar da ko kwabo ba sai ya ga farashin shago uku a rubuce, kuma kowane rasit hannunsa zai koma a ranar. Kowane bandir za a ƙirga shi a gaban mai shago, falle 20 cif. In farashi ya haura abin da aka amince da shi a layi na 3, mu dakata mu koma wurin shugaba. Ba mu da ikon ƙarawa a tsaye a kasuwa.

Wasu sun yi mamakin rashin ganin W ko ɗaya a gaban Mai girma Mai unguwa. Ranka ya daɗe, girmamawa ce. Kai uba ne, wurinka za mu kawo ƙara in mun saɓa, bai kamata ka zama cikin waɗanda ake tuhuma ba.

Kafinta ma ba shi da W a layi na 7 da na 8, don mai aiki ba ya yi wa kansa shaida. Kafin a karɓa, ni da Malam Hedimasta za mu tabbatar an shafa wa katako maganin gara, an ɗaure shi da bango da langalanga, sannan a watsa ruwa a kan rufin a duba ɗiga. Kuɗin hannu kashi biyu ne, rabi ranar farawa, rabi bayan shugaba ya sa hannu a takardar karɓa.

Hajiya wakiliyar iyaye, muna roƙo ki ji ta bakin iyaye mata kafin a tsayar da layi na 6, musamman na ƙananan yara da za a mayar rumfar masallaci na tsawon mako biyu. Su suka san wanda nisa zai hana zuwa.

Sanarwa za ta riƙa fita a zaurenmu na WhatsApp cikin kwana ɗaya da kammala kowane layi. Wanda aka tuntuɓa yana da kwana biyu ya ba da amsa, in bai ce komai ba aiki zai ci gaba. Mai gyara a kan wannan rabo ya kawo wa shugaba kafin zaman bayan La'asar na ranar 4 ga Afrilu.

Wassalam,
Sakataren kwamitin gyara