Saƙon rakiyar takardar farashin sola, zuwa ga Alhaji a Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ranka ya daɗe, barka da war haka. Ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara lafiya da buɗi.

Kafin komai ina neman afuwa a kan saƙon da ya zo maka ranar Asabar tare da takardar farashi. Ina Apapa wajen fitar da kaya lokacin da yaron shago ya tura shi, sai da dare na karanta, na ga layi uku ne tsurarsu, ko gaisuwa babu, ga "ba a mayar da kuɗi" a ƙasa kamar da baƙo ake magana. Raina bai so ba. Ba haka ya kamata a yi wa mutum irinka magana ba, kuma ba haka tsarin namu yake ba. Don Allah a ajiye wancan, wannan ne a madadinsa.

Ga takardar nan na sake haɗo maka. Lissafin na shagonka ne kamar yadda muka auna ranar da na zo: firiza biyu, fankoki uku, fitilu da wajen cajin waya. Farantan sola 8 masu wat 550 sun kama naira 1,040,000. Inbata mai 5kVA naira 650,000. Batirin litiyam guda 2, kowanne 5kWh, naira 2,400,000. Waya, ƙarafen ɗaura farantai da sauran ƙananan kaya naira 310,000. Kuɗin aiki da na motar da za ta ɗauko kayan daga Alaba zuwa Agege naira 200,000. Jimla naira 4,600,000, kuma babu wani abu da zai ɓullo daga baya a ce an manta ba a sa ba.

Na san kuɗin batir ne zai fi tsaya maka a rai, don ya haura rabin lissafin. Akwai mai ruwa wanda bai kai shi tsada ba, idan kana so zan fitar maka da lissafinsa daban. Amma da ni ne, na litiyam zan ɗauka. Firiza ba ta hutawa, batirin kullum sai an sauke shi da dare an cika da rana, kuma mai ruwa ba ya jure wannan wahalar da daɗewa, ga ɗawainiyar duba ruwansa. Arha ba ta ado, Alhaji.

Farashin nan zan iya riƙe maka shi har kwana 14, daga yau Litinin 3 ga Maris zuwa Litinin 17 ga Maris. Ba don in matsa maka na sa wa'adi ba. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, mu ma a Alaba wanda muke sara a hannunsa ba ya ba mu farashin da ya wuce mako biyu, wani lokaci ma da safe kuɗi daban, da la'asar daban. Abin da na tabbatar zan iya cikawa shi ne na faɗa maka. Idan ranar ta wuce ba ka gama shawara ba, ba komai, magana ba ta mutu ba. Ka kira ni in sake tambayo kasuwa, idan kaya sun tashi in gaya maka nawa suka tashi, idan sun sauka ragin naka ne. Da zarar kuma kafin alƙalami ya shigo cikin kwanakin nan, farashi ya zauna, ko dala ta yi sama washegari wannan ya zama tsakanina da kasuwa.

Biyan kuɗin kashi uku muka raba shi don kada nauyin ya taru wuri guda. Na farko shi ne kafin alƙalami, kashi 60 cikin 100, naira 2,760,000. Na biyu kashi 30, naira 1,380,000, ranar da kaya suka sauka a ƙofar shagonka ka gan su da idonka, ka ƙirga, ka duba lambobin jikinsu da na kan rasit. Ragowar kashi 10, naira 460,000, ka riƙe a hannunka sai an gama haɗawa, sola ta yi mako guda tana aiki, ka buɗe shago da asuba ka tarar ƙanƙara ba ta narke ba. Idan akwai abin da bai yi maka ba a cikin makon, sai mun gyara kafin ka cika.

Kafin alƙalamin ya yi yawa a ido, na sani. Dalili shi ne batir da inbata ba a ba mu su bashi, kuɗi hannu ake ɗauka, kuma su biyun kaɗai sun kai naira 3,050,000, wato ko da abin da ka bayar sai na cika daga aljihuna kafin su fito daga sito. Idan kashi 60 a lokaci ɗaya zai taɓa maka jarin shago, a raba shi biyu cikin mako guda, in fara kama batir da na farko tunda shi ne farashinsa ya fi motsi.

Sai maganar mayar da kuɗi, wadda aka rubuta maka ba daidai ba. Idan ka fasa kafin in ɗauki kaya daga sito, wanda yakan zama kwana 2 bayan shigowar kuɗi, kuɗinka zai dawo cif, ko kwabo ba za a taɓa ba. Idan kaya sun riga sun fito, farantai da inbata da batir suna komawa matuƙar ba a buɗe kwalinsu ba. Abin da ba ya komawa shi ne waya da ƙarfen da aka yanka daidai da rufinka, da kuɗin mota, kuma zan nuna maka rasit ɗin kowanne kafin a cire. Idan kuwa daga wajenmu aka samu jinkiri, kwana 10 suka cika bayan ka biya ba mu kawo kaya ba, zaɓi naka ne: ka ƙara mana lokaci ko ka karɓi kuɗinka gaba ɗaya.

Lambar asusun shago tana ƙasan takardar farashin. Don Allah a nan kaɗai za a tura, ko wa ya kira ka da wata lamba da sunanmu kada ka saurare shi sai ka ji daga bakina. Kana turawa ka sanar da ni, rasit zai same ka a ranar.

Aikin haɗawa kwana 2 ne. Zan so mu yi shi kafin ruwan Afrilu ya kankama, don hawa rufin kwano da danshi hatsari ne ga yara. Ranar da za mu zo mukan baro Ojo, inda kasuwar Alaba take, tun bayan sallar asuba saboda cunkoson hanya, sai a bar mana wanda zai buɗe shago da wuri.

Idan akwai wurin da bai kwanta maka ba a cikin sharuɗɗan nan, ka faɗa mini kai tsaye, a zauna a duba. Ranar Juma'a ina da niyyar yin salla a Agege, in Allah ya yarda zan biyo ta shago bayan an sauko, in zo maka da hoton batirin da takardar garantinsa ka gani.

A gaida Hajiya da yara. Allah ya sa albarka a cikin abin da za mu ƙulla.

Wassalam,
Ɗanka mai kayan sola, Alaba