Littafin Bashi

Ranar da sunan Nura ya fito a jerin waɗanda Jami'ar Bayero ta ba gurbin karatun lauya, yana Kantin Kwari yana kwance dilar atamfa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Sai bayan la'asar, da 'yan sari suka ragu, ya miƙa wa mahaifinsa.

Alhaji Sabo ya ɗaga gilashinsa. "Shekara nawa?"

"Biyar a jami'a, Baba. Sai ɗaya a makarantar horas da lauyoyi, ko Bagauda ko inda aka tura mutum. Sannan bautar ƙasa."

"Bakwai ke nan. Ba a yi da yamma?"

"Wanda ya yi na wucin gadi ba a rantsar da shi lauya. Kuma in mutum bai cika halartar aji ba, jarrabawa ma ba zai zauna ba."

Alhaji ya yi shiru. Ciwon suga ya rage masa gani, shekara biyu ke nan Nura ne ke riƙe da littafin bashi. Shi ya san wanda ke ɗaukar turmi hamsin ya biya bayan sallah, da wanda sai an bi shi har gida. Shi ke shafa shadda ya gane an sauya ta. Yaran shago biyu ne, babban cikinsu saura wata takwas a sallame shi da jari.

Amma littafin nan ne ya sa wa Nura son lauya. Bara wani abokin ciniki ya kwashi kayan naira miliyan huɗu a kan amana, ya rasu. Magada suka ce a kawo shaida. Abin da ke rubuce suna ne da adadi kawai, babu kwanan wata, babu sa hannu, dillalin da ya haɗa su kuma ya ce bai tuna ba. Kuɗin suka tafi.

"In ka tafi, wa zan damƙa wa?"

Nura ya daɗe yana juya wannan tambaya. Shi ma yana tsoron ranar da zai dawo ya tarar an ba wani hayar shagon.

"Sani zai gama sakandare bana. Zan zauna da shi har a fara karatu. Duk kayan da za su fita bashi, a rubuta rasit biyu, da ranar biya, da shaidu biyu. Asabar da Lahadi ina nan, in yi lissafin mako."

"Su Alhaji Ɗanlami za su ce na daina yarda da su."

"Ai Alƙur'ani ne ya ce a rubuta, Baba."

Alhaji ya mayar masa da takardar. "Ban ce e ba tukuna. Kira min Sani. In ya iya bambance Holan da ta Chana ido rufe, sai mu yi maganar kuɗin rajista."