Ruwa, Mota da Lissafi: Jawabina na Daren Manifesto

Assalamu alaikum! Ban ji ku ba. 'Yan baya, ku da ke tsaye a bakin taga, assalamu alaikum!

Yawwa. Yanzu na ji ku.

Ranka ya daɗe Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, ranka ya daɗe Shugaban Kwamitin Zaɓe, abokan takarata, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, barkanmu da wannan dare. Minti goma aka ba ni. Masu ganga, don Allah ku ara mini minti goman nan, in na gama ku kaɗa har asuba.

Ni ne mai lamba uku a takardar ƙuri'ar shugaban ƙungiyar ɗalibai. Ɗan aji uku ne ni a sashen injiniyan noma, ɗaki na 41 a Bulo C nake kwana. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a bayan Bulo C ya san fuskata, domin tare muke tsayuwa.

Bari in fara da tambaya. Wanda bai biya naira 2,000 na kuɗin ƙungiya ba ranar rajista, ya ɗaga hannu. Ku duba dama, ku duba hagu. Babu hannu ko ɗaya! Ba a barin kowa ya gama rajista sai ya biya. Mu dubu 14 ne a makarantar nan. Ku buga a wayoyinku yanzu, ina jira. Nawa ya ba ku? Miliyan 28! Ku sake faɗa, 'yan baya su ji. Miliyan 28, kowace shekara! Kuɗin gumin iyayenmu ne. Akwai wanda sai da aka sayar da akuya a gida kafin ya cika kuɗin rajistarsa, kuma a ciki har da dubu biyun nan.

A kan wannan kuɗin na zo in yi magana, kuma abubuwa uku zan yi da shi.

Na farko ruwa. Me na ce? Ruwa!

Ranar Litinin ta makon jiya na fito da bokiti ƙarfe huɗu na asuba. Na tarar da bokitai sun yi layi tun daga bakin tanki har gindin darbejiya, kowanne an ɗora masa dutse don kada iska ta tafi da shi. Masu su sun koma ɗaki suna jiran a kawo wuta. Ba a kawo ba. Ƙarfe bakwai wani ɗan aji ɗaya ya tsaya kusa da ni yana wanke fuska da fiyawota guda ɗaya, ya rage rabi don alwala, yana da gwaji ƙarfe takwas. Haka ya tafi. A ɓangaren 'yan'uwanmu mata abin ya fi muni. Ai ku kuka sani. Jarka ɗaya naira 200 a wajen mai ruwa, kuma sai kin fita bakin ƙofa kin tare kura, kin ɗauko a ka, kin hau bene hawa biyu. 'Yan mata, ƙarya na yi? Ban ji ba. Ƙarya na yi?

To ku saurara, nan ne nake so a yi shiru. Rijiyoyinmu ba su ƙafe ba. Burtsatse uku muke da su, ɗaya a Bulo C, ɗaya a ɗakin kwanan mata, ɗaya a bayan masallaci, kuma duka ukun akwai ruwa a ƙasa. Ni da abokan karatuna mun auna su a aikin zangon da ya wuce. Abin da ya hana ruwan hawowa shi ne injin da ke turo shi da wutar gari yake aiki. In an ɗauke wuta, tanki ya zama ado. In an ce a tada janareto, a ce babu dizal. Ga rana kuwa tana dukanmu tun safe har la'asar, kyauta, ba wanda ke kawo mata bil.

Za mu sa wa rijiyoyin nan uku injin sola. Kowace za ta samu farantan sola, da sabon inji, da ƙarin tanki biyu masu cin lita 5,000, don abin da aka tara da rana ya kai mu dare. Na je wajen masu wannan aiki guda uku a cikin gari, ga takardun farashinsu a hannuna, ku gan su. Mafi tsada a cikinsu bai wuce miliyan 9 ba, duka ukun. Miliyan 9 daga cikin 28! Za mu fara da ɗakin kwanan mata, kuma ruwa zai zuba a can cikin kwana 60 daga ranar da aka rantsar da ni. Sauran biyun kafin jarrabawar zangon farko. Za a yi wa farantan keji na ƙarfe, kowane bulo kuma ya zaɓi mutum biyu da za su riƙe makulli. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ji ka, ɗan'uwa mai jar hula. Ka ce aikin hukumar makaranta ne. Gaskiyarka. Zan ci gaba da buga ƙofarsu, kuma ba za mu taɓa rijiya ba sai da izinin sashen ayyuka a rubuce. Amma shekara nawa muna jira da bokiti a hannu? Kuɗinmu ne, ƙishirwarmu ce.

Na biyu mota. 'Yan jeka-ka-dawo, kuna ina? Ku ɗaga hannu in gan ku. Kun fi rabin zauren nan!

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya ji a jikinsa. Litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000. Yau ɗan adaidaita naira 500 yake karɓa daga tasha zuwa bakin ƙofa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma sayen man yake yi. Zuwa da dawowa 1,000. Kwana ashirin a wata, dubu 20 ke nan. Wanda ya samu rancen karatu na NELFUND, dubu 20 ɗin da ake ba shi a wata ta ƙare a hanya, bai ci abinci ba, bai sayi handawut ba.

Alhali ƙungiyar nan tana da bas biyu masu cin mutum 18. Suna bayan sakatariya, tayoyi sun sace, akuyoyi na kwana a ƙarƙashinsu. Na kai makanike ya buɗe su. Ɗaya giya ce ta lalace, ɗaya inji take so. Miliyan 6 za ta tashe su duka har da tayoyi. Za su riƙa tashi daga tasha ƙarfe bakwai na safe, kowace awa, a kan naira 200 kacal. Mota cike naira 3,600 ce, ta isa mai, ta isa direba, har a ajiye na gyara. Tikiti za a yanka, ba a miƙa wa kowa kuɗi a hannu. Motar ƙarshe kuma ƙarfe tara na dare za ta tashi daga gaban laburare, don kada ƙanwata ko yayata ta sake tsayawa ita kaɗai a bakin titi cikin duhu saboda ta tsaya karatu. Motocin nan ba na zuwa biki ba ne. Ba na kai shugaba gida ba ne. In kuka gan ni a ciki, to tikitina yana hannuna.

Na uku, kuma shi ne uwa uba, lissafi.

Ku yi mini shiru kaɗan. Masu usur, ku dakata. Wa ya taɓa ganin takardar banki ta ƙungiyar nan da idonsa? Ko mutum ɗaya? Shekarata uku a nan, ni ma ban taɓa gani ba. Ban kira kowa ɓarawo ba, kuma ba zan kira ba, domin ban gani ba. Abin da ke damuna ke nan, ba mu gani ba! Ana karɓa a hannunmu, ba a nuna mana.

Ranar 5 ga kowane wata za a manna takardar banki, yadda ta fito daga banki da hatiminta, a allon sanarwa na sakatariya da na kowace tsangaya, a kuma tura hotonta zaurukan WhatsApp na kowane aji. Duk abin da aka saya, rasidinsa na gefe. Duk kuɗin da ya haura naira 100,000 ba zai fita ba sai majalisar wakilai ta zauna ta amince a bainar jama'a. Har kuɗin hayar shagunan ƙungiya da ke bayan kantin abinci, za ku san wa ke ciki, nawa yake biya. Zan kai wannan gaban majalisa a zamanta na farko a sa shi cikin kundin tsarin mulkinmu, ya ɗaure ni, ya ɗaure wanda zai gaje ni. In ranar 5 ta wuce babu takarda a allo, kundinmu ya ba wakilanku ikon tsige shugaba. Ku tsige ni! Ga Shugaban Kwamitin Zaɓe nan yana ji, ga wayoyinku nan suna ɗauka. Ku ajiye bidiyon.

Ku lissafa tare da ni. Tara na ruwa, shida na mota, goma sha biyar. Saura nawa? Goma sha uku! Sha ukun nan ma a allo za ku ga inda kowace naira ta shiga.

An tambaye ni a waje, me ya sa ban yi alƙawarin rage kuɗin makaranta ba. Saboda ba a hannun shugaban ɗalibai yake ba, kuma alƙawari kaya ne. Zan shiga ofis in yi magana da babbar murya, amma ba zan sayar muku da biri a sama ba. Kujerar nan ba abin wasa ba ce. A 1978 ƙarin kwabo 50 aka yi a kuɗin abincin ɗalibai na yini, ɗaliban ƙasar nan suka tashi, aka rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. A kan kwabo 50! Mu kuwa miliyan 28 muke tarawa, ba ma tambaya. Daga gobe za mu fara tambaya.

Na ga an ɗaga mini hannu, lokaci ya yi. Ku taya ni, da ƙarfi, har 'yan bakin ƙofa su ji.

Na farko? Ruwa!

Na biyu? Mota!

Na uku? Lissafi!

Gobe Asabar, ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, kowa a tsangayarsa. Ka zo da katin shaidarka, ki zo da katinki, babu kati babu ƙuri'a. Ka tashi abokin ɗakinka, ki jawo ƙawarki. 'Yan jeka-ka-dawo, na san kuɗin mota ne, amma ku daure ku zo. In an ba ku takarda, ku ƙirga daga sama, ɗaya, biyu, uku, ku dangwala a ta ukun.

Lamba nawa? Uku! Lamba nawa? Uku!

Na gode. Allah Ya kai mu goben lafiya. Masu ganga, bismillah!