Zuwa ga Ƙawata Rahma

Assalamu alaikum Rahma. Tun da muka ajiye waya jiya muryarki take yi mini yawo a kunne, shi ya sa na kasa barci sai da na rubuto miki.

Na san kin gaji da jin "ki yi haƙuri", don haka ba ita zan faɗa miki ba. Wata 7 kacal da aka kai ki Kaduna, kin baro gidan da hayaniyar ƙanne ba ta yankewa, kin koma ɗakin da tun safe har bayan isha'i daga ke sai bango. Dole abin ya yi miki nauyi, ƙawata. Kukan da kika yi ba butulci ba ne, ba kuma gazawa ba ce.

Ni ma a shekarata ta farko, ranar da tuwona ya yi gudaji a gaban dangin Baban Amira, banɗaki na shiga na sha kukana. Sai da muka kusa shekara kafin na gane shirunsa gajiyar kasuwa ce, ni kuwa ina ta ɗaukarsa fushi. Wataƙila naki daban ne, ke kika san abin da kike gani. Idan kuma abin ya wuce saɓanin yau da gobe, don Allah kada ki rufe ni, kada ki rufe Umma.

Ranar Asabar in sha Allah zan shigo da dambun naman nan da kike so. Kada ki dafa komai, shayi ya ishe mu. Kafin nan, ko ƙarfe 2 na dare ne ki kira ni.

Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Hadiza