Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Game Da Ciwon Zuciyar Duna

Kumasi, Talata, 14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Baba Alhaji, Aboabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da Hajiya da sauran iyali, na rubuto ne domin in maimaita a rubuce abin da muka tattauna jiya lokacin da kuka zo ɗaukar karenku Duna, saboda na lura hankalinku yana kan halin da yake ciki, kuma bayani mai yawa irin wannan ba ya zama a kai a zama ɗaya. Ina roƙon a karanta wa duk wanda zai riƙa ba shi magani, musamman ɗanku da ke kula da abincinsa.

Da kuka kawo shi ranar Asabar yana numfashi sau 56 a minti ɗaya, wuyansa a miƙe, ya ƙi kwanciya, kuma kun ce ya yi mako uku yana tari da dare, kun ɗauka ƙurar hunturu ce. Ba ku yi laifi da wannan zato ba, domin a wannan lokaci na shekara mu ma ƙura muke fara tuhuma. Amma da na saurari ƙirjinsa na ji wata ƙara a gefen hagu wadda zuciya mai lafiya ba ta yin ta, hoton ƙirji ya nuna zuciyar ta kumbura kuma akwai ruwa a huhu, sikanin kuma ya nuna inda matsalar take. Mun gwada jininsa don tsutsar zuciya wadda sauro ke yaɗawa, ba mu same ta ba, ƙodarsa ma tana aiki daidai gwargwadon shekarunsa 11.

Zuciyar kare, kamar ta mutum, ɗakuna huɗu gare ta, kuma tsakanin ɗakunan akwai ƙyamare da ke buɗewa jini ya wuce sannan su rufe don kada ya dawo. Jinin da ya ɗauko iska daga huhu yana shiga ɗakin sama na hagu, ya sauka ɗakin ƙasa, daga nan a tura shi ko'ina cikin jiki. A jikin Duna, ƙyauren da ke tsakanin waɗannan ɗakuna biyu ya yi kauri, bakinsa ya lanƙwashe saboda tsufa, ba ya rufuwa ruf, don haka duk bugun da zuciyar ta yi sai wani kaso na jinin ya koma baya. Shekaru ke nan zuciyar tana rufa wa kanta asiri ta hanyar ƙara girma da ƙara aiki, shi ya sa ba ku ga alama ba. Yanzu abin ya fi ƙarfinta, jini ya taru a jijiyoyin huhu, ruwan da ke cikinsa ya tsattsafo ya cika gurbin da iska ya kamata ta shiga. Wannan shi muke kira gazawar zuciya, kuma sunan ba ya nufin zuciyar ta tsaya, yana nufin ba ta iya sauke nauyin da ke kanta ba tare da taimako ba. Ba abinci ne ya jawo shi ba, ba sammu ko guba ba ne, kuma ba ya yaɗuwa zuwa mutane ko wasu dabbobi.

Dole in gaya muku gaskiya cewa ƙyauren da ya lalace ba zai gyaru da ƙwaya ba, maganin kuma na har ƙarshen rayuwarsa ne. Abin da magani ke yi shi ne ya hana ruwan dawowa, ya sauƙaƙa wa zuciyar aiki, ya bar shi ya ci abinci ya yi barci cikin natsuwa. Karnuka da yawa masu wannan ciwo sukan yi watanni masu yawa har zuwa shekara ɗaya cikin jin daɗi bayan an fara magani, wasu su wuce haka, wasu kuma ba sa kaiwa. Kuskuren da na fi gani a wannan aiki shi ne mai kare ya ga tari ya tafi, kare ya koma haushi a bakin ƙofa, sai ya ce ya warke ya ajiye ƙwayoyin, bayan 'yan kwanaki a dawo mana da shi cikin dare yana neman iska. Sauƙin da kuke gani yau aikin maganin ne, ranar da aka daina kuwa ruwan zai dawo.

Na lissafa magungunan ne bisa nauyinsa na kilo 20, na zuba su a ambulan huɗu masu lamba, kuma a jikin kowane na rubuta sunan maganin yadda yake a kwalinsa saboda ranar da za ku saya a kemis. Ambulan na 1 shi ne furosemid, mai miligiram 40, wanda ke sa ƙoda ta fitar da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari, kuma a cikin huɗun shi ne wanda ba a yi masa fashi ko sau ɗaya. Ambulan na 2 fimobendan ne, mai miligiram 5, yana ƙara wa zuciya ƙarfin bugu yana kuma buɗe jijiyoyin jini, sai dai jiki ya fi karɓarsa idan ciki babu abinci. Ku ba shi ƙwaya ɗaya daga kowane ɗayan waɗannan biyun da ƙarfe 5:30 na safe bayan an dawo daga sallar asuba, ku sake ba shi ɗaya ɗaya da ƙarfe 5:30 na yamma kafin magariba, domin tsakanin shan farko da na biyu ya zama awa 12. Abinci ya biyo bayan awa ɗaya, wato ƙarfe 6:30 safe da yamma.

Sauran biyun sau ɗaya ne a rana, tare da abincin safe. Ambulan na 3 benazefril ne, ƙwaya ɗaya mai miligiram 10, ambulan na 4 kuma sifironolakton, ƙwaya ɗaya da rabi ta masu miligiram 25. Aikinsu ba a ganinsa da ido kamar na farkon. Idan zuciya ta yi rauni jiki yakan ɗauka jini ne ya yi ƙaranci, sai ya riƙa riƙe gishiri da ruwa yana matse jijiyoyi, abin da ke ƙara wa zuciyar wahala, su kuwa waɗannan biyun wannan ɗabi'ar suke takawa burki. Idan ya ƙi haɗiye ƙwaya, a cusa ta cikin ɗan loman tuwo ko guntun nama dafaffe marar gishiri wanda bai wuce kan babban yatsa ba, a tsaya a ga ya haɗiye, domin a kwana biyun da ya yi wurinmu sau biyu muka tsinci ƙwaya a ƙarƙashin tabarmarsa bayan ya yi kamar ya haɗiye. In an manta an tuna cikin awa biyu ko uku a ba shi, in kuwa lokacin na gaba ya kusa a jira shi, kada a haɗa biyu. Azumi yana tafe nan da makonni kaɗan, harkokin gida za su sauya, amma lokacin maganinsa ya tsaya yadda yake.

Zai riƙa shan ruwa da yawa yana fitsari da yawa. Kada a rage masa ruwan sha da nufin rage ruwan huhu, wannan ƙodarsa zai illata. Kwanon ruwa ya kasance a cike dare da rana, a kuma sake shi ya zaga bayan kowane shan magani, in ya yi fitsari inda bai saba ba kada yara su doke shi.

Akwai aiki ɗaya da nake so ku ɗauka da muhimmanci kamar maganin kansa, wato ƙirga numfashinsa yana barci. Idan ya yi barci sosai a wuri mai sanyi, ku dubi haƙarƙarinsa: tashi da sauka ɗaya numfashi ɗaya ke nan. Ku ƙirga na daƙiƙa 30 da agogon waya, ku ninka biyu, ku rubuta a littafi tare da kwanan wata. Jiya da muka sallame shi 26 ne, kuma duk abin da ke ƙasa da 30 yana da kyau. Idan ya haura 30 ku sake ƙirgawa bayan awa ɗaya, in bai sauka ba ku kira ni a lambar da ke jikin katinsa a ranar, domin wannan lissafi yakan nuna ruwa ya fara taruwa tun kafin ido ya ga komai. Idan ya kai 40, ko yana numfashi da ciki baki a buɗe alhali ba zafi ake yi ba, ko harshensa da dasashinsa sun yi fari ko shuɗi, ko ya yanke jiki ya faɗi, kada ku jira gari ya waye, ku sa shi a mota a buɗe tagogi ku taho. Tari shi kaɗai ba ma'auni ba ne sosai, saboda zuciyar da ta kumbura tana danne hanyar iska, zai iya ci gaba da ɗan tari ko da huhun a bushe yake. Haka kuma in ya ƙi abinci yini guda, ko yana amai ko zawo, ko jikinsa ya mutu, ku kira ni kafin a ba shi magani na gaba, wataƙila ruwan jikinsa ne ya ragu fiye da kima.

Game da abinci, na san ya saba cin ragowar gida, to gishiri ne abin gudu. A daina ba shi miyar da aka sa wa dunƙule, da shito, da kifi mai gishiri irin kobi da momoni, da kifin gwangwani, da ragowar tsire. A ɗebar masa shinkafa ko tuwo da nama, kaza, ƙwai ko ɗanyen kifi da aka dafa kafin a zuba gishiri a tukunya, a kuma tabbata yana ƙoshi, domin rama ma illa ce ga mai wannan ciwo. Kada a ba shi maganin mutane ko na gargajiya ba tare da an tambaye ni ba, musamman ibufurofen da diklofenak, waɗanda haɗuwarsu da magungunansa kan lalata ƙoda, da farasitamol. Rigakafin tsutsar zuciya kuwa a ci gaba da shi.

Gadin dare a tsakar gida ya ƙare masa, ko da shi bai yarda ba. Ya kwana a rumfa ko zaure inda iska ke shiga, nesa da hayaƙin murhu da na maganin sauro, a daina ɗaure shi da sarƙa a wuya cikin rana. Ɗan zagaye a hankali da sassafe ko bayan la'asar ba laifi, in ya tsaya a bar shi ya huta.

Ku dawo da shi ranar Litinin 20 ga Janairu da ƙarfe 9 na safe, a ba shi magungunansa na safe kamar kullum, za mu auna nauyinsa mu ɗebi jini mu duba ƙoda da gishirin jini, daga nan ne zan san ko za a rage furosemid ko a bar shi haka. Ku zo da littafin ƙirgar numfashi da ambulan huɗun. Fimobendan ya fi sauran tsada kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba, don haka ku sanar da mu idan ya rage na mako guda domin mu nemo kafin ya ƙare. Idan kuɗin ya yi nauyi ku faɗa mini kai tsaye mu duba abin da za a iya yi, ya fi a riƙa raba ƙwaya ko tsallake kwana a ɓoye.

Allah ya ba shi sauƙi, ya saka muku da alheri bisa tausayin da kuka nuna masa. A gaida Hajiya.

'Yarku,
Dakta Hadiza,
likitar dabbobi mai kula da Duna.